Bororon Mai Takalma

Wani ɗan kasuwa ne, mai sayar da takalma, irin mutanen nan da ko ruwan sama ake yi sai su rantse maka rana ake. Ya saro takalman roba buhu guda, masu taurin tsiya, kuma babu lambarsa a ciki. Amma saboda talla ya cusa ƙafarsa cikin wanda ya yi masa kaɗan. Duk wanda ya tsaya taya, sai ya ɗaga masa ƙafa.

“Ka gani? Ni ma shi nake sawa. Laushi kamar auduga.”

Kafin a tashi kasuwa audugar ta yi masa bororo a ƙaramin yatsa. Maƙwabcinsa mai bokitai ya ga yana ɗingishi.

“Lafiya? Ko takalmin ne ya fara gaisawa da kai?”

“Wane takalmi? Sabuwar tafiya ce, kai dai ba ka san gayu ba.”

Abin da yake tsoro ke nan. In mai bokitai ya ji takalmin na cin ƙafa, kafin gobe kasuwa ta ɗauka, buhun nan kuwa sai dai ya yi matashin kai da shi. Don haka ya laɓe bayan rumfa, ya ɗauko allurar da yake ɗinke takalma, ya fasa bororon, ya ɓare fatar. Sai ga jan nama. Gwanin naku ya dubi abin, ya ce ai wannan ɓaraka ce, ɓaraka kuwa gam ne maganinta. Ya shafa gam ɗin liƙe takalmi, ya hura, ya mayar da ƙafa cikin roba.

To ka san robar nan ba ta shan iska. Ga gumi, ga ruwan kwatar da ke bi ta gaban rumfarsa yana tsallakawa yana fantsama. Duk ƙwayar cutar da ta shiga, ya rufe mata ƙofa, ya ba ta ɗumi. Ko ɗan haya bai taɓa samun mai gida irinsa ba.

Bayan ’yan kwanaki yatsan ya kumbura. Bayan ƙafar ya yi ja, fatar tana sheƙi, in ka taɓa zafi rau. Gam ya ɗago, mugunya ta fara tsattsafowa ta gefe. Matarsa ta ga safa tana mannewa.

“Baban yara, ƙafar nan fa ta asibiti ce.”

“Don ɗan bororo? In bar rumfa, mai bokitai ya tambayi inda na je?”

“To mai kemis fa?”

Wannan ya yarda, don ta lungu ake shiga. Mai kemis ya ɓamɓare gam ɗin yana salati, ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya naɗe.

“Malam, kana yawan jin ƙishi? Kana yawan fitsari?”

“Kasuwa ce, kowa na shan ruwa.”

“Ka je asibiti yau a auna maka suga. Ciwon nan ya fi ƙarfina.”

“Sai dai ranar da babu ciniki.”

Da mai kemis ya ga ba zai iya ja da shi ba, ya ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce ya shanye duka ko ya ji sauƙi, ya cire takalmin nan, ya riƙa ɗaga ƙafar bisa kujera. Sannan ya ɗauki biro ya zagaye iyakar jan.

“Kada ka goge. In jan nan ya tsallake layin, cutar tana gaba ke nan, magani bai tare ta ba. Ko me kake yi ka ajiye, ka nufi asibiti.”

Mutuminku ya sha magani har zugin ya lafa, ya ajiye sauran saboda gaba. Ƙafa kuwa ya ɗaga ta, amma ga masu saye, cikin takalmin da ya tsaga gefensa a ɓoye.

Da safe ya duba, ja ya leƙa bayan layi. Ya yi tagumi. Can dabara ta faɗo masa. An ce in ja ya wuce layi. Ba a ce layi ba ya matsawa ba. Ya ɗauko biro ya zana sabo, ya ba jan fili wadatacce.

Matar ta leƙo. “Ya wuce?”

“Duba da idonki.”

Bai wuce ba kuwa. Washegari ma bai wuce ba, don tun kafin ta shigo an yi sabon zane a idon sawu. Sai wani jan zare ya miƙe ta sangali yana hawa sama, ya bi shi da biro. Kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ya ce zaman benci ne. Yatsan ya daina ciwo gaba ɗaya, ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bin sahu. Ya yi murna ƙwarai.

“Kin gani? Ko na matsa ba na ji. Ya warke.”

“Warin fa?”

“Sabuwar roba haka take.”

Ranar da abin ya ƙare masa, rana tsaka ana zufa, shi yana kakkarwa, haƙora na haɗuwa. Wata mata ta tambayi lamba, ya ba ta ƙafar hagu biyu, ya kira ta da sunan kawunsa, ya sulale cikin takalma. Mai bokitan da yake ɓoye wa shi ya ciccibe shi zuwa asibiti, matarsa na biye tana kuka, don ta tsorata da gaske.

Sai da almakashi aka raba shi da takalmin. Aka ɗaura masa ruwa, aka zuba masa magani ta jijiya, aka ɗebi jini. Da ya dawo hayyacinsa, ya tarar da likita tsaye yana kallon ƙafar, layi bisa layi tun daga yatsu har kusa da gwiwa.

“Wa ya yi maka wannan tsani?”

“Na ƙasan na mai kemis ne.”

“Bai ce in ja ya wuce ka zo ba?”

“Ai bai taɓa wucewa ba, likita. Kullum ina gabansa.”

Likita ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

“Saurara. Suga ya yi maka yawa a jini, shi ya sa ciwon ya ƙi warkewa, shi ya sa kuma ba ka jin zafinsa sosai. Cutar ta bi ƙarƙashin fata ta hau, ta fara shiga jini, shi ne zazzaɓin. Wannan kam magani zai iya da shi. Amma yatsun nan da suka yi baƙi ba warkewa suka yi ba, mutuwa suka yi. Magani ba ya isa inda jini ba ya zuwa. Dole mu cire su biyun.”

Mai takalma ya gyara kwanciya. An zo fagensa.

“Albarka.”

“Me ka ce?”

“Biyu ya yi yawa. Bororon ɗaya ne. Ka ɗauki ƙaramin, mu rabu lafiya.”

“Baban yara, don Allah ka yi shiru,” in ji matar.

“Bari, ke ba ki san ciniki ba. Likita, ɗaya da rabi. In ba haka ba in tashi, ba kai kaɗai ne likita a garin nan ba.”

Likita ya matsa gefe ya ba shi hanya.

“Bismillah, je ka zagaya. Sai dai yau ne ake yatsu biyu. Gobe daga gwiwa muke fara tayi.”