Fartanyar Jarrabawar Mati

A ƙauyenmu, Tudun Ɗinya, akwai wani gida a bakin hanyar rafi, mutum uku ne a ciki: Gwaggo Tabawa, da 'yar ƙanenta Indo, da ƙanen Indo, Mati. Gwaggo ce ta riƙe su tun suna mitsi-mitsi. Mati ba daƙiƙi ba ne, kada wani ya gaya muku haka. In akuya ta yi tari, daga ji zai faɗa maka abin da ke damunta, shi ya sa ma ya shiga kwalejin noma da ke tsallaken rafi. Matsalarsa ɗaya ce tal: abin da ka ce masa, shi ne zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana aka zo jarrabawar Turanci, darasin da ya hana Mati sakat. Mai sa ido ya raba takardu ya ce, "Kada wanda ya taɓa takardarsa sai na ce ya fara." Can ya ɗaga hannu alamar a fara, kowa ya duƙufa. Mati ya naɗe hannu ya zauna ƙiƙam. Sai da rabin lokaci ya wuce mutumin ya lura da shi.

"Kai, me kake jira?"

"Malam, ba ka ce ba. Hannu ka ɗaga."

Ya faɗi warwas.

Wata rana, da shekara ta zagayo, abokinsa Lawandi ya ba shi shawara: "Ka fara da tambayar da ka fi sani, kada ka bar ta sai ka ƙure ta." Mati ya tarar da tambaya a kan kiwon kaji. Wayyo Allah, an taɓo masa inda yake so! Ya rubuta shafi tara, daga ƙwai har zuwa yanka, aka karɓe takarda bai ko leƙa sauran tambayoyi uku ba. Ya sake faɗi. Dokar kwalejin kuwa ita ce, wanda ya faɗi darasi ɗaya sau uku sai ya tattara ya bar makaranta. Ranar nan Gwaggo Tabawa ta juya baya tana hura wutar da ta riga ta kama. Ni da nake maƙwabcinsu, wallahi sai da tausayinsu ya kama ni.

Wata rana, ana saura kwana biyu a yi ta ukun, Mati ya je duba allon sanarwa. Shugaban sashensu ya sha gaya musu cewa abin da ke kan allon nan doka ne. Allon na katako ne da murfin gilashi, cike maƙil da takardu, sababbi a kan tsofaffi. Dukkansu da Turanci aka rubuta su, ga yamma ta yi, ofisoshi a rufe. Sai Mati ya zaro waya ya buɗe manhajar nan mai karanta hoto ta mayar da rubutu Hausa. Da ya matsa kusa, hasken rana a jikin gilashi ya hana rubutun fita, don haka ya ja da baya ya ɗauka daga gefe. Takardu biyu suka shiga hoton, kafaɗa da kafaɗa. Wayar ta ɗan yi tunani, ta rubuto masa:

"Duk masu maimaita jarrabawa su hallara ranar Laraba ƙarfe bakwai na safe da katin shaida da biro da fartanya da bokiti. Ba mai shiga zaure sai an yashe magudanar ruwa ta bayan zaure."

A gida Indo ta karanta, ta riƙe haɓa. "Jarrabawar Turanci da fartanya? Kira Lawandi dai ka ji."

Lawandi, wanda shi ma zai rubuta jarrabawar, amma shi karo na biyu ne, ya yi dariya har da tari. "Ƙarfe tara ne, mutumina. Biro da kati kawai."

"A rubuce ka gani?"

"A'a, yara ne suka gaya mini."

"To, ni nawa a rubuce yake."

Gwaggo ta ɗauko fartanyarta mai sabuwar ƙota ta miƙa masa. "Ungo, ɗan nan. In ma garma suka ce, zan aro maka."

Ranar Laraba, daga sallar asuba Mati ya saɓa fartanya, ya rataya bokiti, ya tsallake rafi ruwa iya idon sawu. Ya isa zaure bai ga kowa ba. Da wani ne, da ya gane akwai lauje cikin naɗi, amma Mati cewa ya yi, "Allah sarki, duk sun makara." Ya ɗaure kati da biro a leda, ya naɗe wando, ya faɗa magudana. Ledoji, robobi, yashi, har da mushen kaza, ya yi ta cika bokiti yana kai wa juji. Yana cikin haka gabas ta haɗe, aka ɓarke da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Zauren nan a kwari yake, kowace damina sai ruwa ya shige shi har ƙafar benci. Ranar nan ruwan ya bi magudana sumul ya wuce abinsa.

Tara saura kwata Malama Saude, jami'ar jarrabawa, ta ga mutum ya doso ƙofa da fartanya, taɓo har gira.

"Kai, tsaya nan! Leburori ba sa shiga."

"Malama, ɗalibi ne. Na gama yashewar, saura rubutun."

"Wace yashewa? Wa ya sa ka?"

Ya goge hannu ya miƙa mata waya. Ta karanta, ta taɓa wurin da ke nuna ainihin hoton, ta buɗa shi da yatsu biyu, sai ta dafe goshi.

"Innalillahi! Duba nan. Ta hagu ce takardata. Ta dama sanarwar aikin gayya ce ta ɗaliban da ke kwana a makaranta, tun ta bara, ba wanda ya cire ta. Wayar ba ta san takarda biyu ba ce. Layukansu sun zo daidai, sai ta bi layi daga hagu ta zarce har dama, ta haɗe su, sannan ta fassara. Inda haske ya doki gilashi kuma ta tsallake, can ƙarfe taran yake. Gaba, hoto ɗaya takarda ɗaya, kuma ka sa wani ya duba maka Turancin."

Idon Mati ya kawo ruwa, ya ce a hankali, "Ke nan na sake yin shirme. An kore ni ke nan, Malama?"

Ta dubi zauren a bushe, ta dube shi. "Katinka fa?"

Ya warware leda, kati fes.

"Je ka wanke hannu ka shiga. Tambaya huɗu za ka amsa, huɗu, kowacce rabin awa. Na kuma ce ka fara, da bakina."

"Bokitin fa, in shiga da shi?"

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta hango rufin kwano yana ɗiga ɗis-ɗis daidai bencin da ke da lambarsa. "Shiga da shi."

A lokacin Lawandi yana can ƙetare da biro a aljihu. Rafi ya kawo tun takwas, ba wanda ya haye daga Tudun Ɗinya sai bayan azahar. Shi dai yana da sauran dama ɗaya.

Da sakamako ya fito, Mati ya haye da maki biyu kacal a saman layin faɗuwa. Ya ɗauko hoton takardar sakamakon ita kaɗai, kamar yadda aka ce masa, Indo ta karanta sau uku. Gwaggo Tabawa ta rangaɗa guɗa har awaki suka firgita, sannan ta zauna ta yi kukanta son ranta. Da ta share ido ta ce, "To, ina fartanyata?"

"Tana ƙofar zaure, Gwaggo. An rubuta a zo da ita, ba a rubuta a koma da ita ba."