Ashirin da Biyar a Mota, Saura a Gonar Gado

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya halicci ƙafa tun kafin a ƙera taya. 'Yan'uwa masu karatu, ranar wata Juma'a a watan da ya wuce na rasa sallar jam'i a Dogon Dutsi, abin da bai taɓa samuna ba cikin shekara ashirin da biyu. Ba ciwo ya hana ni ba, gaskiya na faɗa.

Ga yadda abin yake. Kowace Juma'a, ranar kasuwa, motar Rabo ce ke ɗauko mu daga ƙauyenmu na hanyar Ɗan Kassari. Maigirma Mai Doka, Allah ya ƙara masa basira, ya rubuta cewa motar kaya ba za ta ɗauki fiye da mutum ashirin da biyar ba. Hikima ce babba, sai dai ya manta bai aiko da mota ta biyu ba. Saboda haka mukan shiga mu arba'in da wani abu, ban da awaki, waɗanda doka ba ta san da zamansu ba. A ciki, ƙafarka takan yi sanyi ka sosa, sai maƙwabci ya ce maka madalla.

Idan an kusa shingen da ke bakin gari, Rabo yakan tsaya gindin wani gawo. Rarar mutane su sauka, su bi ta gonar Gado, su ɓullo bayan shinge, su sake hawa. Sallau mai gadin shinge yakan ƙidaya ashirin da biyar da babbar murya, sannan ya juya ya gaida masu ratsa gona ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi iyalinsu. Kaltume ma ta kafa ƙwaryar furarta a tsakiyar hanyar. Ni, saboda furfura, ba a taɓa saukar da ni ba.

Ranar nan muka tarar da Maigirma da kansa a shinge, ƙarƙashin laima. Bakin gari kuwa ya cushe: raƙuman gishiri sun durƙusa a tsakiyar hanya, jakuna sun ƙi gaba sun ƙi baya, masu tallar itace na kutsawa, kowa na rantsuwa shi ya riga zuwa. Sallau ya ƙidaya mu, lissafi ya cika cif. Sai Maigirma ya hango rawanina, ya sa tafinta ya tambaye ni.

"Malam, an ce ba ka ƙarya. Ku nawa kuka taso?"

Rabo ya leƙo ta taga, ya ce a hankali, "Baba Malam, don Allah ka yi tari."

Na duba rana, ta kusa tsaka. Na duba zuciyata. Wanda zai tsaya a sahun gaba, yaya zai sayi wurin da ƙarya? Na ce, "Mu arba'in da uku ne. Goma sha takwas suna cikin geron can."

Maigirma ya juya. Ga su kuwa a jere, kawuna da kaya suna tafe bisa gero, Kaltume na miƙa musu ludayi. Sallau ya dafe ƙirji ya ce, "La'ilaha! Yaushe aka fara wanga abu?" Shi da ya raɗa wa hanyar suna.

Aka tsare mu ana rubutu. Tafinta ya rubuta, Maigirma ya sa hannu, aka nemi hatimi aka ce yana gari, aka aiki mai doki, dokin ya maƙale a bayan raƙuma. Ina nan zaune kan buhun wake na ji an yi sallama a masallaci. Na yi azahar raka'a huɗu a gefen taya, limamina ni kaina, mamuna akuya biyu.

Amma kada a ce manya ba sa aiki. Kafin Talata an kawo gyara. Ba mota aka ƙaro ba, shinge na biyu aka kafa, daidai inda mutane ke ɓullowa. Yanzu sai an ratsa gonar Gado da ta ƙanensa kafin a hau. Gado ya tare ni ya ce, "Malam, da hanya guda ke cin gerona, yanzu ta haihu. Allah shi saka maka." Kaltume kaɗai ta aiko mini da fura, don tafiya ta yi tsawo, ƙishirwa ta ƙaru.

Jiya Rabo ya zo har zaure, ya durƙusa da ladabi. "Baba Malam, mun yi shawara. Mutum mai gaskiya irinka bai kamata shi zauna inda za a tambaye shi ba. Daga jibi kana cikin masu gona."

Na karɓa da godiya, domin an ce kowane taku zuwa masallaci lada ne. Allah ya ja zamanin Maigirma: in ya ƙara shinge na uku, ina kyautata zaton Aljanna da ƙafa zan shige ta.