Ni da Akuyar Kaka

Tsoron ya fara kama ni ne lokacin da jan ɗankwalin Kaka ya ɓace a cikin mutane. Ban fi shekara bakwai ba. Mu biyu ne a gidanmu tun rasuwar mahaifiyata, sai akuya ɗaya, wadda muka kawo kasuwa don a saya mini kayan makaranta. Dillalin da Kaka ta yarda da shi ba ya rumfarsa, sai ta ɗaura igiyar akuyar a hannuna za ta je nemansa.

"Maigidana, ga amana," in ji ta. "Duk wanda ya taya, ka ce albarka. Kada bakinka ya kuskura ya ce na sallama. In ka sallama, ciniki ya faɗa."

"In an taya ki fa?"

"Ni? Mutuwa ma tana tayina kullum, albarka nake ce mata. Kai dai a gyara aka ba ni kai."

Ta tafi. Masu saye suka riƙa zuwa. Wani ya buɗe bakin akuyar ya duba haƙora don ya san shekarunta. Wani ya matsa gadon bayanta ya ji nama, ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya leƙa ido da hanci. Kowa ya taya, na ce albarka. Wani mahauci ya durƙusa, ya ƙara a kan tayinsa, ya ce in sallama kawai, ai tsohuwa za ta yi murna. Na girgiza kai, na ƙanƙame igiya.

Rana ta yi tsaka, ta karkata. Rumfar ta fara raguwa. Ƙafafu kawai nake gani, babu mai silifas irin nata. Akuya na kuka, ni ma ina yi a ciki. A raina na gama yarda cewa haka manya suke tafiya, su ce yanzu za su dawo.

Sai ga ta, tana tafe a hankali, dillali na biye.

"Sannu da gadi, angon ƙarya! Wa aka taya a cikinku?"

"Ni ba ruwana da ke. Na sake ki."

"Da me ka aure ni? Miji ba gona ba wando, sai majina."

"Ke kuma ba haƙori! Da an buɗe bakinki, ko tayi ba za a yi ba."

"Tsohuwar zuma ai da ita ake magani. Kai kuwa in aka matsa bayanka, ƙashi ne zalla. Dillali, haɗa su biyu, yaron gyara ne."

"Wata zan auro. Mai gudu, wadda ba ta ɓata a kasuwa."

"Wace ce za ta kwashi miji mai fitsarin kwance?"

"Kowa ya rena gajere bai taka kunama ba."

"Mene ne wannan a idonka? Kuka?"

"Akuya ce ta hure mini ido."

"Ka sallama ta?"

"Ban sallama ba."

Ta dube ni, ta yi dariya har ta dafa kafaɗata. "To, na sara maka. Yau kam ka yi maigida." Ta kwance bakin zane, ta miƙo mini gutsuren rake.

Dillali ya kira mahaucin nan, suka ja, suka sassauta, Kaka ta sallama, aka cire wa dillali la'adarsa. Igiyar kawai aka dawo mana da ita. Sai da na girma dillalin ya gaya mini cewa jiri ne ya kayar da ita a layin masu tukwane, ta kuma hana a faɗa mini.

Shekaranjiya na dawo daga neman aiki, da takardun digirina a hannu, na same ta a ƙasa bakin murhu. Har yanzu in na rufe ido abin nake gani. Ɗazu da za a tura ta ɗakin tiyata, ta cire ɗankwalinta ta danƙa mini.

"Ka yi boko har ka tsufa, ba ka da ko kaza. Riƙe mini wannan."

"In kika daɗe, aure zan yi."

"Wa zai ba ka? Zauna nan. In an taya, ka san abin faɗa."

Ina zaune ni kaɗai a kan benci, ɗankwalin naɗe a hannuna. Ƙafafu suna ta wucewa. Likita bai fito ba tukuna.