Yaƙin Barau da Fatalwar Rigar Baba Jatau

Da sunan Mai rayawa, Mai kashewa, muke buɗe tarihin gwarzon teloli, Barau ɗan Tanimu ɗan Cindo Mai-Almakashi, jikan waɗanda suka yi wa mutanen birni awo tun kafin a san tef, zuriyar da ba a taɓa jin ta ce wa mai ɗinki "babu" ba, sai dai "gobe". Shi ne Sadaukin Zare, Garkuwan Aljihu, Amirul Alƙawari, wanda ya gaji keke ɗaya da rantsuwa dubu, ya kafa daularsa a wata rumfa mai taku huɗu a layin teloli na kasuwar Sabon Gari.

Cikin talakawan wannan daula akwai wani dattijo gajere mai fara'a, Baba Jatau, wanda ya kawo farar shadda a yi masa babbar riga. Shekara huɗu cur, kowace Talata bayan azahar, sai ya zo ya zauna a benci, ya tambayi rigarsa, Barau ya dafa ƙirji ya rantse saura wuya kawai, alhali ko almakashi bai taɓa yadin ba. Dattijon ya yi dariya, su ci goro, ya tafi. Ana nan sai wa'adi ya cika, aka kai Baba Jatau makwancinsa.

A Talatar da ta biyo bayan sadakar bakwai, rana tsaka, masifa ta sauka. Benci ya yi ƙara ba kowa a kansa, ƙamshin turaren marigayi ya taso daga tulin yaduka, allura ta karye sau uku a jere. Ni mai wannan tarihi na san bencin ya girmi Barau, na kuma san irin allurar da yake saye, amma ba a tambaye ni ba. Sadaukin Zare ya yi tsalle ɗaya ya dira a kwata, takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin la'asar labari ya game kasuwa cewa fatalwa ta kama rumfar Barau, doguwa fara sol, duk da kowa ya san marigayin gajere ne. Masu ɗinki suka ɗauke ƙafa, ga Sallah saura wata guda. Tsoro ya kama Barau ƙwarai, kunya kuma ta fi tsoron, don yana ƙaunar tsohon.

Sai ya kira majalisar yaƙi ta malaman al'ummai, a gindin rumfar mai shayi.

Madam Nkiruka mai sayar da maɓallai ta fara bayani. Ta ce a ƙasarsu ta Ibo, binne mamaci rabin aiki ne. Sai dangi sun sake taruwa sun yi masa biki na biyu, da ci da sha da kiɗa, sannan kakanni su karɓe shi. Idan aka yi jinkiri, yana nan tsakani, bai tafi ba bai zauna ba, yana damun na gida har su tuna. Barau ya ji zancen ciyar da jama'a, ya ce a wuce wannan babi.

Baba Lasisi mai gyaran keken ɗinki ya ce a wajen Yarbawa akwai wanda ake kira akudaya, mutumin da ya mutu kwanansa ba su ƙare ba, sai ya koma wani gari mai nisa ya kama sana'a, har ya yi aure ya haihu, ranar da wani ɗan garinsu ya gane shi kuwa ya ɓace. Barau ya yi fatan Allah Ya sa Baba Jatau ya zaɓi Legas.

Mista Liyu, mutumin ƙasar Sin mai kawo shadda, ya ce su a wata na bakwai ake buɗe wa matattu ƙofa su zagayo, waɗanda aka manta da su suna yawo da yunwa, don haka ake ajiye musu abinci, a yanka riguna na takarda a ƙona domin su isa gare su. Nan idon jarumi ya yi haske, domin rigar takarda ko yau zai iya gamawa, har ya fara laluben tsohuwar jarida.

Liman Ɗanjuma na masallacin layi ne ya ƙwace jaridar. Ya ce wanda ya mutu yana barzahu, ba ya da lokacin zaman benci, amma amana ba ta mutuwa da mai ita, magada take komawa.

"Kai Barau, duk bakinsu ɗaya, kai ne ba ka ji ba," in ji shi. "Kowa cewa ya yi a gama abin da aka bari. Je ka ɗinka rigar mutane."

Da hantsin Laraba aka buga tambarin yaƙi. Barau ya yi ɗamara da tef, ya soke alli a kunne, ya kutsa cikin tulin yaduka da kabbara, ya ratsa rundunar atamfofin Sallar bara, ya tarwatsa dakarun wandunan makaranta waɗanda masu su sun riga sun gama sakandare, har ya cafko wata farar shadda daga can ƙasa, ya ɗaga ta sama ya yi kururuwa: "Yau ko ni ko ke!" Almakashi ya yi ta cin yadi bisa awon marigayi da ke cikin tsohon littafi, keke ya yi ta ruri kamar injin markaɗe, zare ya tsinke aka ƙulla, yatsa ya huje aka tsotse, shinkafa da wake ta huce a kwano ba a waiwaye ta ba, har kwana uku. Ranar Juma'a aka ga abin da kakanninsa ba su taɓa yi ba: riga gamammiya, da aiki a wuya, an buga ta tana sheƙi. Ya naɗe ta, ya haɗa da ragowar ƙyallayen kamar yadda teloli masu amana ke yi, ya nufi gidan marigayi, rabin layin na biye da shi.

Iya Tabawa, matar marigayi, ta fito soro ta karɓi gaisuwa. Barau ya durƙusa, ya miƙa amana, ya roƙi a yafe masa domin Baba ya kwanta lafiya. Tsohuwa ta warware rigar, ta duba, sai ta kama dariya har da hawaye.

"Ɗan nan, ai Malam ya ɗauke shaddarsa tun shekara uku, ran da ka tafi masallaci ka bar rumfa. Wani tela ya ɗinka masa a Fagge cikin mako guda. Sau nawa ya zauna gabanka sanye da ita, har kana yaba ɗinkin?"

Barau ya tambaya, to me yake zuwa nema duk Talata? Ta ce hira, da kuma rantsuwar nan tasa, don Malam ya sha faɗa cewa duk Kano ba mai yi masa ƙarya da daɗi kamar Barau, kuma ya rasu ba ya riƙe da kowa a zuciya. Jarumi ya ji wani sanyi ya ratsa shi, ya share ido, jama'a suka yi ta yi wa marigayi addu'a.

Ana cikin haka Iya Tabawa ta juya wani ƙyalle daga cikin ragowar, ta ga rubutun alli a gefensa, irin wanda tela ke yi ran da aka kawo yadi. Ta miƙa wa Liman, shi kuwa ya karanta a bainar jama'a: Sarkin Fawa Gagarau, kaftani da wando.

Sarkin Fawa dai yana nan da ransa da lafiyarsa, ƙato ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, kuma rigar da aka yanka daga shaddarsa ko gwiwarsa ba za ta kai ba. Marubuta tarihi sun tabbatar Amirul Alƙawari bai koma kasuwa ta layin mahauta ba a ranar, ya zaga ta bayan tasha, rigar a hammata, yana tsara yadda zai ce masa gobe.