Ilu Ba-Kuskure da Dandamalin Zaɓe

Wani mutum ne a layin 'yan katako, kafinta, ana ce masa Malam Ilu Ba-Kuskure. Ba wani ne ya raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta a saman ƙofar shagonsa da jan fenti. In ya zauna a majalisa bayan la'asar, to kowa ya ajiye bakinsa.

"Ni fa a shagona," in ji shi, yana bugun ƙirji, "tun da na buɗe, ƙusa ɗaya ba ta taɓa lanƙwashewa ba. Ku je ku tambayi ma'aikatana!"

Kuma gaskiya ne, in ka tambaye su haka za su ce maka. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne labarin Ɗanliti.

Ɗanliti ma'aikacinsa ne a da. Wata rana ya gajarta ƙafar kujera wajen yanka, ya ɗauko ta da hannunsa ya ce, "Oga, na yi kuskure, a ba ni wani katakon in gyara." Wai! Ilu ya tara duk layin. Ya ɗora masa kujerar a ka, ya sa shi ya zagaya kasuwa da ita, ya laƙaba masa suna Gurgun Kafinta. Sunan ya bi shi har gidan surukansa. Ƙarshe Ɗanliti ya tattara zartonsa ya koma shagon Malam Barau da ke tsallaken titi.

Ilu ya ɗauka ya koya wa sauran kada su yi kuskure. Su kuwa abin da suka koya daban ne: kada su faɗa.

Kullum da safe sai ya jera su ukun, Tanimu mai yanka, Haladu mai buga ƙusa, da Sallau mai fenti. Ya riƙe guduma yana bubbuga ta a tafin hannu, ya zare ido.

"Ni ƙofata a buɗe take. Kowa ya faɗi abin da ke ransa. Akwai matsala?"

"Babu matsala, Oga!"

Sai ya yi murmushi ya leƙa tsallaken titi. A can, Barau da mutanensa na zaune kan benci suna shan koko, wannan ya ce jiya na karkata ƙofa, wancan ya ce ni na manta gam, Barau kansa ya ce ai ni na ba ka awon da ba daidai ba. Su yi dariya, su tashi su gyara. Abin nan na ba Ilu haushi, yana kuma ba shi daɗi.

"Ku ji shagon 'yan koyo," ya ce. "Kullum kuskure, kullum kuskure, har maigidan. Mu nan shiru kake ji."

Ana nan sai ƙungiyar kafintoci ta sa ranar zaɓen sabon shugaba. 'Yan takara biyu ne, Ilu da Barau. Kujerar nan Ilu ya daɗe yana mafarkinta, har ya ɗinka babbar rigar shadda ya ajiye. Sai dabara ta faɗo masa. Ya je wurin shugaba mai barin gado, Alhaji Mamuda, ya ce dandamalin da 'yan takara za su hau su yi jawabi shi zai gina, kyauta. Nufinsa jama'a su ga aikinsa a ƙarƙashin ƙafar Barau, ƙuri'a ta zubo da kanta.

Da kansa ya je ya sayo katakon. Ya dawo yana washe baki, ya ce ya yi wa mai katako wayo, ya samo masu kauri a arha, domin shi ido ɗaya yake yi wa icce ya san cikinsa.

Tanimu ya ɗora zarto a kan babban katakon da zai riƙe tsakiyar dandamali. Zarto ya shige zuruf, kamar ana yanka kabewa. Gari ya zubo fuuu. Gara ta cinye cikin, ta bar fata. Tanimu ya ajiye zarto. Ya miƙe ya nufi Oga, yana tafe yana tauna maganar. In ya ce katakon ruɓaɓɓe ne, ai ya ce an cuci Oga a kasuwa ke nan, bayan Oga ya gama cika baki a gaban mutane. Ya tuna Ɗanliti da kujera a ka. Wannan katakon kuwa ya fi kujera nauyi.

"Lafiya ka tsaya min a kai?" in ji Ilu. "Akwai matsala?"

"A'a, Oga. Cewa zan yi katakon nan da laushin aiki."

"Ka ga ni ko? Ido!"

Tanimu ya koma, cikin ruɗewa ya gajarta ɗaya daga ƙafafun dandamalin. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya cusa guntun katako a ƙarƙashi. Ya ce a ransa, ai ƙusoshin Haladu za su riƙe.

Haladu kuwa nasa tashin hankalin ya ishe shi. Dogayen ƙusoshi sun ƙare, domin a makon da ya wuce ya lanƙwasa da yawa ya binne su a bayan shago. In ya ce a sayo, za a ce ina na da. Sai ya ɗebo gajeru, irin na bayan madubi, ya dinga narka musu guduma, kwam! kwam! don Oga ya ji ƙarar aiki. Ya ga guntun da Tanimu ya cusa, Tanimu ma ya ga gajerun ƙusoshi. Suka haɗa ido, kowa ya kau da kai. Haladu ya ce a ransa, ai katakon na da kauri, zai riƙe kansa.

Da aiki ya iso hannun Sallau, shi ya ga komai: ramin gara, guntun katako, kan ƙusa da ke leƙe. Ya tsaya da buroshi a hannu. Shi ne ƙarami a aikin, ga manya biyu sun gani sun yi shiru. Ya ce wataƙila haka ake yi, ni ne ban sani ba. In kuma ba haka ake yi ba, don me ni zan zama bakin da za a mara, alhali ba ni na yanka ba, ba ni na buga ba? Ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe ramukan, ya zuba fenti har yana ƙyalli, suka shimfiɗa jan kafet a sama.

Abin tausayin, ko na dariyar, shi ne babu mugu a cikinsu. Kowa ɗan ƙaramin abu ya ɓoye, kowa kuma ya jingina da aikin ɗan'uwansa.

Ilu ya zagaya dandamali yana shafa fenti. "Akwai matsala?"

"Babu matsala, Oga!"

Ranar zaɓe fili ya cika. Dattawa da Alhaji Mamuda na kujerun gaba, kafintoci da matansu da masu sayar da zoɓo na baya. Barau ne ya fara hawa. Yana taka kafet ya ji ƙyaƙ. Tsohon kafinta ne, ƙafarsa ta gane. Ya raɓe a gefe ya yi jawabinsa a taƙaice, da zai sauka ya raɗa wa Ilu, "Malam Ilu, ka duba tsakiyar nan, tana kuka."

"Hassada ce ke kuka," in ji Ilu.

Ya hau cikin shadda tana ƙwaram-ƙwaram. Ya kira ma'aikatansa ya jera su a bayansa don jama'a su gani. Su ukun suka lallaɓa ta gefe-gefe kamar masu tsallake kwata, suka maƙale a can ƙarshe. Ilu ya tsaya a tsakiya ɗoɗar, ya karɓi abin magana.

"Jama'a! Abokin takarata kullum shagonsa ana lissafa kurakurai. Ni a wurina ba a taɓa kawo min rahoton kuskure ba, ko sau ɗaya! Kun ga dandamalin nan? Giwa ta hau, sai dai giwar ta karye!"

Ya ɗaga ƙafa ya doka, dim!

Tanimu ya rufe ido. Haladu ya fara salati.

"Ku ƙara ji!" Dim!

Ruguzum! Ƙura ta tashi. Da ta lafa, sai ga Malam Ilu daga hammata zuwa sama, sauran na ƙasa. Babbar riga ta baje a kan kafet kamar laima, hula ta gangara baya, abin magana na nan a hannunsa.

Alhaji Mamuda ya miƙe. "Subhanallahi! Malam Ilu, akwai matsala?"

Nan Ilu ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ga idon dattawa, ga ƙuri'a, ga Barau na kallo. Gaskiya ta zo masa har maƙogwaro ta koma.

"Babu matsala, Alhaji! Ai... ƙofa ce. Da gangan muka yi, don in an tashi taro mai jawabi ya sauka ta ƙasa."

"To fito mana."

Ya yunƙura, ya kasa. Sai da Barau da Ɗanliti suka hau, wannan ya kama hannun dama, wancan na hagu. Ɗanliti na cewa, "A hankali, Oga, kada a ce maka gurgu." Suka ja. Ƙyaaat! Ilu ya ɗauka kafet ne ya yage. Ashe gajerun ƙusoshin Haladu ne, waɗanda suka ƙi riƙe katako, yau suka riƙe shadda. Bayan riga da bayan wando duk suka zauna a rami.

Ta gaba kuwa tsaf yake. Ya gyara wuyan riga, ya fuskanci jama'a, ya ci gaba da jawabi, har wasu sun fara tafa wa ƙarfin halinsa. Sai ya ji wata iska mai sanyi na shafarsa inda iska ba ta saba zuwa ba. Ya ɗan karkata kai, ya zare wa ma'aikatansa ido irin na kowace safiya, ya yi ƙasa da murya.

"Kai, ku da ke bayana. Akwai matsala?"

Tanimu ya dubi abin da ya gani, ya dubi Haladu. Haladu ya dubi Sallau. Sallau ya dubi sama.

"Babu matsala, Oga!"

"Madalla," in ji Ilu.

Sai ya juya wa taro baya, ya sunkuya zai ɗauki hularsa.