Mutawakilu Mai Yabon da Ake Gudu

"Roƙo? Ai zaƙin baki ne kawai! Ni da na sayar wa mutumin Saboba ruɓaɓɓiyar doya har ya yi godiya?"

Mai wannan cika baki shi ne Mutawakilu, dillalin doya a Salaga, mutum mai murya kamar salansar babur ta fashe. Ya ga ana liƙa wa tsoho Wahabu maroƙi kuɗi a goshi, ya ce shi ma ya bar doya.

Wahabu ya ce, "Ɗana, waƙar yabo murhu ce, duwatsunta uku. Zuga, ka kumbura mutum da abin da yake da shi. Asali, ka kira ubansa da kakansa da garin da suka fito, ba kuskure. Karin magana kuwa wuƙa ce: ƙota wajen maigida, kaifi wajen magabcinsa, kuma ba a kama suna."

"Baba, duk na sani tun ina ciki!"

Ya ɗauko Mikaila mai kalangu, suka faɗa wani suna a gidan Alhaji Iddi, jikan fataken goro. Uban 'yan sani bai tambayi kowa komai ba. Ya ga shanu a ƙofar gida, ya buɗe maƙogwaro: "Iddi ɗan sarkin fawa, jikan masu wuƙa!"

Gwaggon Alhaji ta miƙe da sandarta. "Wane fawa? Kakanmu da jakai ɗari ya zo daga Kano ɗaukar goro! Ku fitar min da wannan kwaɗon!"

A hanya ya ce wa Mikaila, "Mutanen gida ba su san darajar na gida ba. Mu tafi Yendi."

A Yendi an yi bikin ɗiyar Alhaji Nazif mai motoci. Wannan karon ya tsallake asali, ya ce karin magana zai zuba. Abin da bai lura ba, Alhaji gajere ne, in ya zauna a kujera ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, kuma duk garin ba mai ambaton tsawo a gabansa. Gogan naka ya tsaya a kansa: "Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido! Ɗan haki, ɗan haki, Nazif!"

Mikaila ya sassauta kiɗa, ya raɗa masa, "Maigida, wuƙar fa ka juya ta."

"Buga kawai! Ƙaramin goro ya fi babban dutse!"

Yaran mota suka raka su tasha, ba da girma ba.

Sai a Bawku ya yarda a yi tambaya. Alhaji Faruq mai albasa, wanda kakanninsa Barebari ne, zai aurar da ɗansa. Mutawakilu ya shiga kara, kasuwar shanu, ya tarar da wani dattijo mai kwarjini, Jalil.

"Baba, ka san asalin Alhaji Faruq?"

Idon Jalil ya yi ƙyalli. Bafulatani ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ban da shugaban gafalallu.

"Ni kuwa na sani! Kakansa Bukar, jarumin Borno. Kirarinsa Sha-gudu. Tabon yaƙi goma sha biyu gare shi, duka a baya. Kar ka manta da bayan nan, shi suka fi so."

Ranar biki ya fara daidai, da sunan Allah da salati, ya kira Faruq hadari mai cika rijiya. Alhaji ya yi murmushi, hannu ya nufi aljihu. Sai gwanin ya ɗaga murya:

"Faruq jikan Bukar Sha-gudu!
Mashi bai taɓa ganin ƙirjinsa ba,
Tabo goma sha biyu, duka a baya!"

Sai Fulanin da ke gefe suka kwashe da dariya har da faɗuwa, suna amshi, "Duka a baya!" Jalil ya taso yana liƙa masa kuɗi. Mutawakilu ya ɗauka kasuwa ta buɗe, ya maimaita sau uku, har da juya baya yana nunawa.

Alhaji Faruq ya sa aka kawo shi zaure. Mikaila tuni ya rataya kalangu ya bi motar Garu.

"Kai ne ka mai da kakana matsoraci a gaban surukaina?"

Mutawakilu ya durƙusa. "Alhaji, wallahi yabo na nufa."

"Yabo ne wannan?" Sai Alhaji ya tuna yadda Jalil ya taso yana liƙi, ya gane aikinsa ne. Can ya ciro kuɗi, ya danƙa masa. "Ungo kuɗin mota. Jibi Jalil zai yi suna. Ka je ka yabe shi."

"In yi masa zambo ke nan, Alhaji?"

"A'a! Kar ka kuskura ka yi zambo, sai ka ɓata aikin. Ka yabe shi tsakaninka da Allah, iyakar iyawarka."