Yadda Ake Neman Lambar Mutum a Taro Bai Canja Kujera Ba

Kai, zauna. Ajiye wayar nan tukuna, ai a kanta za mu yi magana. Na yi maka alkawari, in ka bi abin da zan faɗa maka tiryan-tiryan, ba za a sake hango ka a taro ka kara waya a kunne kana amsa kiran ƙarya ba. Hanyar nan gwadaddiya ce. A kan ƙanena na gwada ta, kuma yana nan da ransa.

Autanmu ne. Furfura ta cinye masa gemu, amma har gobe Auta muke ce masa. Ni da shi kiwon zuma muke yi. Bana ƙudansa suka shiga yi masa ƙaura, akwati bayan akwati, ka ɗaga murfi ka tarar da saƙa babu masu gida. 'Yan kaɗan suka rage, kuma da su yake riƙe iyalinsa. Ana haka ƙungiyarmu ta tura mu taron masu zuma a wani ƙaton otal, mai na'urar sanyi da ke shiga ƙashi, aka rataya wa kowa kati a wuya kamar za mu ɓata. Wata malama ta tashi ta yi bayanin abin da ke korar zuma daga akwati. Auta ya damƙe mini gwiwa.

"Yaya, wallahi matar nan kamar ta leƙa gonata. Sai na samu lambarta!"

Na ce, "Sake mini ƙafa. Da babba ka zo."

1. Ka san abin da kake nema

Kafin ka ɗaga ƙafa, tambayi kanka: lambar nan me za ka yi da ita? In amsar ita ce "don mu riƙa gaisawa," koma ka zauna. Tana da masu gaishe ta, wasu ma ta gaji da su. Dalilinka ya zama gajere, wanda za ka faɗa da numfashi ɗaya, kuma ya zama gaskiya. Kada ka ce aiki alhali zuciyarka wani wuri ta nufa. Mata suna jin ƙaurin wannan tun daga bakin ƙofa.

Na tambayi Auta, "Mene ne dalilinka?"

Ya ce, "Yaya, tun daga daminar bara, lokacin da surukina ya ara mini..."

Na ce, "Gajarta."

"Zumata na gudu."

"To, ka samu dalili."

2. Kada ka tare hanya

Akwai wani a taron mai waya biyu, ɗaya a kowane hannu, ga turare kamar an fasa kwalba. Malama na saukowa daga mumbari ya sha gabanta a bakin matakala, bango a bayanta, cikinsa a gabanta. Ya tura mata waya har ƙirji: "Sa mini lambarki a nan." Ba sallama, ba sannu da aiki. Ta yi irin murmushin da ake yi wa mai allura, ta ce ana jiran ta. Da aka dawo zaure sai ga ta can wani layi, ta sa jakarta a kujerar gefe.

Ka gani ko? Ba a tambaya a lungu, ko a ƙofar banɗaki, ko a bi mutum har gindin motarsa. Ba a tambaya bakinsa cike da abinci. Ba a kuma tambaya a tsakiyar da'irar mutane, inda kunya za ta karɓar maka abin da zuciya ba ta bayar ba. Jira hutun shan shayi, a fili, inda ana ganinku amma ba a jin ku. Tsaya daga gefe, ka bar mata hanya ta wuce in ta so. Hannunka kuma ya zauna a jikinka.

3. Fara da zancen da ya tara ku

Sallama, ka faɗi ko kai wane ne da abin da kake yi, sannan ka ɗauko abu guda daga cikin bayaninta. Bayaninta na ce. Ba mayafinta ba, ba muryarta ba, ba "kina kama da wata da na sani" ba. Sai ka lura. In tana amsawa tana mayar maka da tambaya, ci gaba. In tana duba agogo, ƙafarta ta juya wajen ƙofa, ka yi godiya ka janye. An riga an ba ka amsa, ba sai da baki ba.

Na gyara wa Auta katin wuyansa da ya juya baya, na tura shi. Ni kuma na tsaya can wajen tulun shayi ina sa ido, ina zuba sukari har na manta cokali nawa na sa. Na hango shi yana kwatanta akwati da hannu. Na hango ta ajiye kofinta tana tambayarsa. Na ce a raina, yaro ya ɗauki karatu.

4. Kada ka karɓa, ka bayar

Nan ne gaɓar. Wanda ya ce "ba ni lambarki" ya ɗora wa mutum kaya: ko ta bayar ranta bai so ba, ko ta hana ta ji nauyi. Kai sauke kayan ka ɗora wa kanka. Ga abin da na haddatar da Auta tun muna zaune:

"Malama, in ba damuwa zan so in ƙara tambayarki kan zumata bayan taro. Bari in bar miki lambata, in kin samu sarari ki neme ni. In kuma ta ofis kika fi so a bi, ko aiki ya yi miki yawa, wallahi babu komai."

Ka ji yadda aka bar ƙofa a buɗe? Kuma "babu komai" ɗin nan da fuska ake faɗarsa. Ba za ka ce babu komai ba kana tsaye kamar wanda aka hana gado.

Na hango ta ciro waya. Na hango bakin Auta yana motsi, tana dannawa. Allah ya sani, sai da na yi 'yar rawa a bayan tulun shayi, da gwiwar nan tawa mai ciwo. Mai zuba madara ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce, "Zuba madararka."

5. Abubuwan da in ka yi ba ni na aike ka ba

In ta ce a'a, ka ce "na gode da lokacinki," ka tafi. Ba a tambayar dalili. In ta ba ka ta ofis, ta ofis ɗin ce rabonka. In ta ba ka tata da kanta, kada ka kira nan take kana kallon jakarta ka ji ko za ta yi ƙara. Wannan ba tabbatarwa ba ce, tuhuma ce. Kada ka leƙa takardar da aka sa hannu a ƙofa ka kwafe. Kada ka tsinto ta daga guruf ɗin mahalarta taro. Mai waya biyu duk ya yi waɗannan, har yana nuna mana, kuma kafin mu hau mota an toshe shi a wayoyin biyu.

6. Tafi, ka jira

Da ka bayar, yi sallama ka ɓace. Kada ka koma kujerar kusa da ita. Jira kuwa babu mai yi maka. Auta ya rame. Wayarsa na aljihun gaba, ko ƙuda ya gifta sai ya ciro ta. Ƙudan wani akwatin suka sake tashi.

"Yaya, hanyarka ta kashe ni. Da na matsa mata da yanzu..."

"Da yanzu kana layin mai waya biyu. Yi shiru."

Na faɗa da ƙarfi, amma ni ma na fara leƙen wayar tasa.

7. Ka haddace lambar kanka

Wannan matakin da shi ya kamata a fara. Ban san da shi ba sai daga baya.

Ina zaune a tsakar gida da rana, mai ɗakina na gefe tana ninke wanki, sai saƙon murya ya shigo wayata. Kunnena ya yi nauyi, don haka kullum ƙarar wayar a ƙure take. Na danna. Muryar mace ta cika gidan:

"Salamu alaikum. Ni ce wadda muka haɗu a otal. Gaskiya na ji daɗin yadda ka yi mini magana, shi ya sa na neme ka."

Mai ɗakina ta ajiye zanen da ke hannunta a hankali.

"Malam, wane otal?"

"Na zuma ne."

"Ai na ji zumar. Sake kunnawa."

Na aika aka kira Auta. Na ce ya karanto mini lambar da ya bai wa malama. Ya karanto ta tsaf, ko tuntuɓe babu. Tawa ce.

"Yaya, ai ita kaɗai na haddace. Ni ina kiran kaina ne?"

Mai ɗakina ta yi dariya har ta zauna a kan wankin. Ta ce, "Shekara da shekaru komai ya same shi kai yake kira, yau ka ga ribar."

8. Lambar da ta faɗo hannunka ba taka ba ce

Auta ya miƙo hannu zai kwafa. Na buge hannun.

"Yaya, ai ni ta nema!"

"Kai ta nema, amma wayata ta shigo. Ta ɗauka mutum ɗaya ke riƙe da lambarta, yanzu ga mu uku a kanta. Sai ta sani, sai ta yarda."

Na gyara murya na danna, mai ɗakina na tsaye a kaina kamar alƙali. Na ce, "Malama, wannan ba shi ba ne, yayansa ne. Ruɗewa ta sa ya ba ki tawa. Ga tasa zan karanto miki. In kin yarda in ba shi taki, to. In ba ki yarda ba, yanzu zan goge, kuma ba mai damun ki."

Amsarta ta zo rabi dariya ce. Ta ce in ba shi, ya turo mata hoton akwatunan har da ƙafafun teburin da suke kai.

9. Saƙon farko

Da rana, lokacin aiki. Sunanka, inda kuka haɗu, abin da kake so, shi ke nan. Ba hoton fure, ba "kin tashi lafiya" kowace safiya. In ba a amsa ba, tuni ɗaya bayan an kwana biyu, daga nan ka haƙura.

Auta ya tura hotuna. Ta duba ta ce ya kalli ƙafar teburin da kyau: tururuwa ce ta yi hanya tana hawa. Ya sa kowace ƙafa cikin gwangwani da ɗan baƙin mai, ya sare ciyawar da ke taɓa akwati. Ya yi. Waɗanda suka rage ba su tashi ba, suna nan suna ta kai da kawo. Lambarsa kuwa mai ɗakina ta sa shi biya ta kullum ya shigo gaisuwa, ba ta amsa masa sai ya kai ƙarshe.

Gargaɗi

Ni alkawarin da na yi shi ne ba za a guje ka ba. Ban ce za a kira ka ba. In an ƙi ka, in ka rame wajen jira, in saƙon ya faɗa wayar yayanka matarsa na kusa, babu ruwana, babu ruwan zumata, kada a zo mini ƙofar gida. Mai son ƙarin bayani kuma kada ya tambayi lambata. Ya bar tasa. In na samu sarari zan neme shi.